Sauka a Sakkwato na kwana biyu ko uku: tambayoyi da amsoshi kan zaɓen masauki

Waɗannan su ne tambayoyin da masu zuwa Sakkwato don aiki ko kasuwanci suka fi yi kafin su taso: wakilin kamfani da zai je Kalambaina, ɗan kwangila mai bin takarda a sakatariya, mai sayen albasa ko fata, malamin da aka gayyata jami'a. Duk wanda zai kwana biyu ko uku ya koma, lissafinsa daban ne da na mai zuwa biki ko ziyarar Hubbare.

Cikin abubuwa ukun nan, wuri da tsaro da wuta, wanne zan fara dubawa?

Ya danganta da watan da za ka zo. Daga Maris zuwa Mayu, kai har farkon Yuni kafin ruwa ya zauna, fara da wuta. A wannan lokacin zafin Sakkwato da rana yakan haura digiri 40, kuma bango da rufin da suka sha rana ba sa hucewa da faɗuwarta. Ɗakin da aka kashe wa na'urar sanyi ƙarfe goma sha biyun dare, kafin ƙarfe ɗaya ya koma yadda yake da la'asar. Wanda bai yi barci ba kuwa, duk kusancin masaukinsa da wurin taro, da jajayen idanu zai shiga.

Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu lissafin yakan juya. Dare yana da sanyi, fanka ma ba kowa ke kunna ta ba, abin da za ka nema shi ne ruwan zafi da asuba da taga mai rufuwa sosai saboda ƙura. A irin wannan lokaci ƙaramin masauki mai tsafta kusa da wurin aikinka ya wadatar, babu dalilin biyan kuɗin babban otal.

Tsaro kuwa ba a saka shi a ma'auni ɗaya da sauran biyun. Akwai ƙa'idar da masauki zai cika, idan bai cika ba a bar shi ko da kyauta ne. Idan ya cika, sai a koma kan wuta da wuri.

Na kira otal sun ce suna da wuta awa 24. Ba shi ke nan ba?

A'a. Wannan amsar tana iya nufin abu uku mabambanta, kuma mai karɓar waya ba lallai ne yana yi maka ƙarya ba. Tana iya nufin babban janareta na dizal yana tashi duk lokacin da aka ɗauke wuta, dare da rana, yana ɗaukar komai har na'urar sanyi. Tana iya nufin janareta na aiki daga magariba zuwa tsakar dare, daga nan a juya zuwa inbata da batir, wanda ke riƙe ƙwan fitila da fanka da soket ɗin caji kawai. Tana kuma iya nufin suna kan layin da ake ba wuta sosai, sun dogara da shi, ranar da layin ya faɗi sai a ba baƙi haƙuri.

Don haka kada ka tambayi ko akwai wuta. Tambayi na'urar sanyi da awa. Ga yadda zancen ya kamata ya tafi:

"Malam, idan an ɗauke wuta ƙarfe biyun dare, na'urar sanyin ɗakina za ta ci gaba da aiki?"

"Ranka shi daɗe, muna da sola."

"Solar tana ɗaukar na'urar sanyi, ko fanka kawai?"

Amsar wannan tambaya ta biyu ita ce gaskiyar magana. Bayanta sai ka tambayi ƙarfe nawa ake tada janareta da ƙarfe nawa ake kashe shi, da ko ana tada shi da rana, musamman idan za ka dawo ɗaki tsakanin azahar da la'asar ka yi aiki a kwamfuta. Otal ɗin da ya san abin da yake yi zai ba ka awanni kai tsaye. Wanda ya ce maka "in sha Allahu ba matsala" ba tare da ya faɗi awa ba, ka ɗauka fanka za ka kwana da ita.

Me ya sa ƙananan masaukai ke kashe janareta da tsakar dare? Rowa ce?

Lissafi ne, kuma wanda ya fahimce shi zai iya hasashen yadda darensa zai kasance tun daga jin kuɗin ɗaki.

Na'urar sanyi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin wadda aka fi sakawa a ɗakunan otal, tana cin wajen kilowat 1.2 idan kwamfiresa na aiki, kuma a zafin Afrilu kusan ba ya hutawa. Ɗauki masauki mai ɗaki 20, duk a cike. Na'urorin sanyi kaɗai sun kai kilowat 24. Haɗa da firji, famfon tura ruwa, fitilun harabar gida da talabijin, an doshi kilowat 35. Janaretan dizal yana shan kimanin kashi uku cikin goma na lita a kan kowane kilowat na awa ɗaya, wato wajen lita 10 a awa. Daga ƙarfe takwas na dare zuwa shida na safe, awa goma ke nan, lita 100. Idan aka raba wa ɗaki 20, kowane ɗaki ya sha lita 5 a dare ɗaya. Litar dizal ta daɗe da haura naira dubu, don haka mai masaukin ya ƙona sama da naira 5,000 a kan ɗakinka kafin a zo maganar albashi, wanki, gyaran inji da haraji.

Wannan idan gida ya cika ne. Matsalar tana fitowa ranar da baƙi huɗu kawai suka kwana. Babban janareta ba ya rage shan mai daidai da raguwar baƙi, ko da kaya kaɗan ne a kansa zai sha kasonsa. Sai kuɗin dizal na daren ya doshi abin da baƙin huɗu suka biya gaba ɗaya. A nan ne manaja ke cewa a kashe ƙarfe goma sha biyu.

Abu biyu ke fita daga wannan lissafi. Na farko, ɗaki mai araha sosai da aka yi maka alkawarin sanyi har asuba a watan Afrilu, alkawarin bai da inda zai tsaya sai idan wutar gwamnati ta zauna. Na biyu, kuma mutane ba su cika lura da shi ba: otal mai cike da baƙi ya fi otal mai shiru tabbacin wuta. Idan ka shiga haraba da magariba ka ga motoci biyu kacal a gida mai ɗaki talatin, ka sake tambayar awannin janareta kafin ka biya.

To sola fa? Ai Sakkwato ba ta rasa rana.

Rana kam akwai, shi ya sa da rana sola ke aiki sosai. Amma da dare batir ne ke aiki, faranti ya tashi aiki tun faɗuwar rana. Batir ɗin ruwa mai 200Ah da bolt 12, irin wanda ake jerawa a ƙarƙashin matakala, yana ɗauke da kilowat-awa 2.4 a takarda, kuma rabin wannan kawai ake iya ja idan ana so ya yi ƙarko. Ke nan batir ɗaya zai riƙe na'urar sanyi ɗaya na awa ɗaya. Fanka kuwa, mai cin wat 70 ko ƙasa da haka, zai juya ta har gari ya waye. Batir ɗin litiyom mai kilowat-awa 5 zai kai na'ura ɗaya wajen awa huɗu. Yanzu ka ninka wannan sau yawan ɗakuna, ka ga tarin batir ɗin da ake buƙata.

Akwai masaukan da suka zuba kuɗi suka saka na'urorin sanyi masu inbata, waɗanda ke rage cin wuta idan ɗaki ya yi sanyi, tare da litiyom mai yawa. Waɗannan suna iya kai baƙi asuba, kuma suna da daɗin kwana domin babu ƙarar inji. Sai dai ba a gane su da ganin faranti a rufi. A tambaya.

An ce wasu unguwanni suna rukunin A na wutar lantarki. Hakan na da amfani gare ni?

Yana da amfani, amma kada ka jingina da shi kaɗai. Kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne ke kula da Sakkwato, tare da Kebbi da Zamfara da Kaduna. A tsarin hukumar da ke kula da harkar lantarki, layin da ke rukunin A ya kamata ya samu aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, haka har zuwa E mai awa 4. Tun Afrilun 2024 masu rukunin A ke biyan sama da naira 200 a kan kowane yunit, kuma otal ɗin da ke kan irin wannan layi yakan sanya hakan cikin kuɗin ɗaki.

Abin lura shi ne Sakkwato tana can ƙarshen layi. Wutar tana tasowa daga Kainji ta bi ta Birnin Kebbi kafin ta iso. Idan aka samu matsala a hanya, ko babban layin ƙasa ya faɗi, rukunin A da rukunin E duk duhu ɗaya suke. Sannan a lokacin zafi, da kowa ya kunna abin da yake da shi, wutar kan zo ba ƙarfi. Wannan ya fi ɗaukewa ban haushi, domin otal zai ce ai akwai wuta, ba zai tada janareta ba, alhali kwamfiresa ya kasa tashi, na'urar tana hura maka iskar ɗaki kawai. Alamarsa ita ce fanka na juyawa a kasalance, fitila ta dushe, sitabilaiza na ta ƙyas-ƙyas a bango. Idan ka ga haka, je kantar karɓar baƙi ka ce a juya zuwa janareta. Otal mai kyau ba sai an faɗa masa ba.

Na iso otal. Me zan duba a ɗaki kafin in biya?

Nemi a kai ka ɗakin da za a ba ka, ba wanda ake nuna wa baƙi ba. Kunna na'urar sanyi ka bar ta minti biyar, domin yawancinsu kwamfiresa ba ya tashi sai bayan minti biyu ko uku. Sa hannu a bakin iskar. Idan bayan minti biyar iskar ba ta da bambanci da ta fanka, ko gas ya ƙare ko wuta ba ƙarfi, a canza maka ɗaki.

Yayin da kake jira, buɗe famfo. Ruwan yawancin masaukai daga rijiyar burtsatse ake tura shi zuwa tanki a sama, kuma turawar na buƙatar wuta, don haka gidan da wutarsa ke da matsala ruwansa ma yakan yanke da safe. Idan akwai bokiti a banɗaki, cika shi tun da dare. Yana da amfani na biyu ma: a watan Afrilu ruwan tankin da ya wuni a rana yakan yi zafin da ba a iya wanka da shi da la'asar, na bokiti kuwa ya huce.

Sai matsayin ɗakin. A lokacin zafi guji hawa na ƙarshe, wanda rufi ke kansa kai tsaye, da ɗakin da bangonsa ke kallon yamma. Ɗakin ƙasa ko na tsakiya mai kallon gabas ko arewa ya fi saurin yin sanyi, ya fi kuma daɗewa da shi idan an kashe inji. Leƙa ta taga ka ga inda ɗakin janareta yake. Ƙara ita ce ƙaramar matsala. Babbar ita ce hayaƙi: iskar da inji ke fitarwa tana da guba marar wari, kuma ta sha kashe mutane cikin barci a ƙasar nan. Ɗakin da tagarsa ke fuskantar bakin salansa, ko gidan da ake ajiye ƙaramin janareta a baranda ko ƙarƙashin matakala, a bar shi.

Wace unguwa ta fi dacewa?

Wadda ke ɓangare ɗaya da wurin da za ka fara zuwa da safe. Sakkwato ba Kano ba ce wajen cunkoso, yawancin wurare a cikin gari ba su da nisa da juna sosai, don haka kada ka sayar da barcinka don ka rage tafiyar minti goma. Duk da haka akwai wuraren da ke waje da gari, su ne ke canza lissafi.

Mai zuwa kamfanin siminti na BUA a Kalambaina, ko wani aiki ta ɓangaren Wamakko, ya fi masa sauƙi ya sauka ta yammacin gari, wajen Arkilla ko kan hanyar da ta kewaye gari ta yamma, sai dai ya sani hanyar Kalambaina ta manyan motoci ce, masaukin da ke bakin titi sosai zai sha ƙara da ƙura. Mai hulɗa da ma'aikatun gwamnati ko asibitin koyarwa na jami'a, ɓangaren GRA da Gawon Nama ya fi masa, nan ne kuma aka fi samun tituna masu faɗi da gidaje masu haraba. Mai zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya tuna cewa tana ƙetaren gulbin Rima, ta hanyar Kwalkwalawa, tafiya ce ta daban. A 2010 ambaliya ta yanke wannan hanyar gaba ɗaya, kuma har yanzu a ƙarshen damina yana da kyau a tambayi halin da take ciki. Filin jirgin sama na Sultan Abubakar III yana kudu da gari ta hanyar Boɗinga, don haka mai jirgin safe ya sa wannan a lissafi.

Ɗan kasuwa mai harka a babbar kasuwa, Tsohuwar Kasuwa ko Kara yakan so ya kwana kusa da kayansa. Ina ganin wannan kuskure ne idan kwana biyu ne kawai. Masaukan da ke cikin lungunan kasuwa da bakin tasha sun fi araha, amma su ne suka fi ƙarancin wuta, suka fi yawan shige da fice, kuma kowa ya ga abin da ka saya da kuɗin da ka fitar. Kabu-kabu ko Keke Napep zai kai ka kasuwa cikin 'yan mintuna daga unguwa mai natsuwa. Ka kuma tuna ranar Juma'a: titunan da ke kusa da Kanwuri, wato unguwar fadar Sarkin Musulmi, da Masallacin Shehu da na Sarkin Musulmi Bello sukan cika tun kafin azahar.

Labaran da nake ji na 'yan bindiga fa? Lafiya lau ne kwana a Sakkwato?

A raba gari da hanya. Matsalar 'yan bindiga ta fi tsanani a ƙananan hukumomin gabas, irin su Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo, da kuma wasu na arewa maso yamma kamar Tangaza da Gudu. Cikin birnin kansa harkoki na tafiya, kasuwanni na ci, mutane na zirga-zirga har dare, kuma hedikwatar Runduna ta 8 ta sojan ƙasa tana nan. Ga baƙon kwana biyu, haɗarin da ya fi girma yana kan hanyar zuwa da komawa ne da lokacin da ya bi ta, ba a ɗakin otal ba.

Wannan yana shafar zaɓen masauki ta hanya ɗaya muhimmiya: ka ƙara kwana maimakon ka bi hanya da yamma. Daga Sakkwato zuwa Gusau kimanin kilomita 200 ne, zuwa Kano ya haura 500. Wanda taronsa zai ƙare ƙarfe uku kada ya ce zai kama hanyar Gusau don ya tsira da kuɗin ɗaki. Ya kama ɗaki har washegari, ya tashi bayan gari ya waye. Haka mai zuwa Illela, kimanin kilomita 85 a kan iyakar Nijar: a kwana a Sakkwato, a tafi da safe, a dawo da sauran rana, a kuma tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar, domin labarin makon jiya ba ya aiki.

Cikin gari ma ana iya samun ranar da ba a fita. A watan Mayun 2022 gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ta awa 24 a birnin. Irin wannan ba ya yawan faruwa, amma ranar da ya faru masauki mai ɗakin girki da ruwa da dizal a ajiye shi ne ke fidda baƙonsa.

Yaya zan gane masaukin da tsaronsa ya isa?

Kada dogon bango da waya mai ƙaya su ruɗe ka, kowa na da su. Kalli ƙofa. Idan ka shigo babu wanda ya tambaye ka wurin wa ka zo, to haka kowa ke shigowa. Idan a kanta ba a nemi katin shaidarka ba, ba a rubuta sunanka a rajista ba, to maƙwabcin ɗakinka ma ba a san ko wane ne ba. Mutane kan ji haushin wannan tambaye-tambaye, alhali shi ne alamar gidan kirki. Masaukin da ke ba da ɗaki na awa ɗaya ko biyu, guje shi: ban da yawan baƙin fuska, irinsa ne jami'an tsaro ko Hisba ke kai wa samame, kai kuma ba ka zo Sakkwato don ka kwana kana bayani ba.

A ɗaki, duba ko akwai sakata ta ciki ban da makulli, da ko taga na kulluwa. Duba hanyar fita idan gobara ta tashi. Tagogi duk da ƙarfe suke, don haka matakala ce kaɗai mafita, kuma a wasu gidajen ana garƙame ƙofar baya da kwaɗo da dare. Tambayi wa ke riƙe da makullin. Idan da mota ka zo, ta kwana cikin haraba inda fitila ke kaiwa ko an kashe janareta.

Sauran ya rage gare ka. Kada ka ƙirga kuɗi a kanta, kada ka gaya wa ma'aikaci ko ɗan kabu-kabu garin da za ka je gobe da ƙarfe nawa, kuma abokin ciniki da ba ka sani ba ku haɗu a zauren baƙi, ba a ɗaki ba. Tura wa wani naka sunan masaukin da lambar ɗaki. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma lambar wanda ya gayyace ka ta fi saurin amfani.

Mace mai tafiya ita kaɗai fa?

Duk abin da aka faɗa ya shafe ta, da ƙari kaɗan. Ta zaɓi otal mai ma'aikata a kanta dare da rana, ta nemi ɗaki kusa da matakala ko zauren baƙi maimakon ƙarshen dogon lungu, kuma idan ma'aikaci ya faɗi lambar ɗakinta da ƙarfi a gaban mutane tana da damar cewa a canza. Ya fi sauƙi idan ofishin da ya gayyace ta ne ya kama ɗakin da sunansa ya kuma turo mota, ko ta riƙe katin wurin aiki a kusa, domin a wasu ƙananan masaukai akan tsaya yi wa mace tambayoyin da ba a yi wa namiji.

A ba ni misali: ɗaki mai araha kusa da aiki, ko mai tsada nesa kaɗan?

Mu ƙaddara injiniya ne ya taso daga Kaduna a tsakiyar Afrilu. Zai iso Litinin da yamma, Talata ƙarfe tara yana da ganawa a Kalambaina, da la'asar zai rubuta rahoto ya tura, Laraba da safe zai biya ta sakatariya ya wuce. Kuɗin da zan ambata na misali ne kawai.

Masauki na farko yana kusa da hanyar Kalambaina, naira 18,000 a dare. Janareta daga bakwai na yamma zuwa sha biyu, sannan inbata mai fanka. Da rana sai abin da layi ya kawo. Na biyu otal ne ta ɓangaren GRA, naira 40,000, janareta duk daren, da rana kuma ana tada shi daga azahar. Kwana biyu a na farko 36,000, a na biyu 80,000. Ƙara masa, a ce, 6,000 na ƙarin zirga-zirga zuwa Kalambaina da dawowa, ya zama 86,000. Bambanci 50,000.

Me 50,000 ɗin ta saya? Barcin dare biyu, daga sha biyu zuwa asuba, da awa uku na aiki ranar Talata da la'asar a ɗaki mai sanyi da soket mai wuta. Ta kuma kusantar da shi sakatariya ranar Laraba, wanda zai sa ya kama hanya da wuri, abin da ke da nasa amfanin a hanyar Gusau. A Afrilu, ni zan ce ya ɗauki na biyu, ko kuma ya raba: idan aljihu bai kai ba, ya nemi matsakaicin gida mai cike da baƙi wanda ke kai janareta ƙarfe huɗu ko biyar na asuba, ya karɓi ɗakin ƙasa mai kallon gabas, ya rufe ƙofa da taga da labule tun da wuri don sanyin ya zauna.

Mayar da wannan tafiya zuwa Janairu, amsar ta canza. Fanka ta isa, ko ma bargo za a nema, sai na farko ya fi, muddin ƙofarsa da rajistarsa sun cika ƙa'ida kuma akwai inda zai yi cajin kwamfuta.

In biya kuɗi tun kafin in zo?

Ka kama ɗaki ta waya, amma in zai yiwu kada ka biya sai ka gani, kuma ka fara biyan dare ɗaya. Idan daren ya yi kyau ka sabunta da safe. Wanda ya biya kwana uku a dunƙule ba shi da abin cewa idan aka kashe inji, domin mayar da kuɗi abu ne mai wuya.

Inda wannan ba ya aiki shi ne lokacin da gari ya cika: bikin Sallah, yaye ɗaliban jami'a, babban taron siyasa ko na addini, ko auren gidan manya. Otal masu tabbacin wuta ba su da yawa, rana ɗaya sukan cika. A irin wannan lokaci biya kafin alƙalami, amma cikin asusun da ke ɗauke da sunan otal ɗin, ba na wani mutum ba, kuma a turo maka shaida a rubuce mai kwanan wata da irin ɗakin. Lambar waya da aka samo a intanet tana iya zama ta ɗan damfara, don haka ya fi kyau wanda ka sani a gari ya leƙa ya karɓo maka lambar kanta.

Idan ofis ne zai mayar maka da kuɗi, tambayi ko farashin da aka faɗa ya haɗa da harajin kaya na kashi 7.5 da kuɗin hidima, ka kuma karɓi rasit mai hatimi tun lokacin biya. Da asuba, sa'ad da kake sauri, mai hatimin yakan kasance bai zo ba.

Me zan riƙo don kada in dogara da otal gaba ɗaya?

Abin ajiye caji mai ƙarfi, doguwar waya mai soket uku ko huɗu domin sau da yawa soket ɗaya ne ke kan inbata kuma yana bayan talabijin, da ƙaramar fanka mai caji idan lokacin zafi ne. Layin waya biyu na kamfanoni daban, domin intanet ɗin otal yakan tafi tare da wuta. Maganin sauro daga Yuli zuwa Oktoba, musamman a unguwannin da ke kusa da fadama. Da tsabar kuɗi kaɗan na kabu-kabu da abinci, saboda ranar da tura kuɗi ta waya ya ƙi tafiya.